Tafasawa, Ƙwayar Kulorin ko Rana: Yadda Za Ka Zaɓi Hanyar Tsaftace Ruwan Sha a Gida

Kafin ka hura wuta, ko ka ɓare ƙwaya, ko ka jera gora a rana, zuba ruwan a kofin gilashi ka ɗaga shi wajen haske. Abin da idonka ya gani a nan shi zai yanke rabin hukuncin. Idan ruwan garau yake, duk hanyoyin nan uku a buɗe suke gare ka. Idan kuwa ya yi gurɓi, kana ganin laka-laka na yawo a ciki, to biyu daga cikinsu sun raunana tun ba a fara ba. Kulorin yana ƙarewa ne wajen cin dattin da ke yawo kafin ya kai ga ƙwayoyin cuta, hasken rana kuma ba ya iya ratsa ruwa mai duhu. Tafasawa ce kaɗai ba ruwanta da launin ruwa, domin zafi yana isa ko'ina a cikin tukunya.

Sai dai ruwa garau ba ya nufin ruwa mai lafiya. Ƙwayar kwalara, da ta taifod, da bairas ɗin da ke kawo ciwon hanta nau'in A, duk ido ba ya ganinsu. Gwajin kofi yana gaya maka wace hanya ce za ta yi aiki ne kawai, ba ya wanke ruwan daga zargi.

Mataki na farko: a bar ruwan ya kwanta

Idan ruwan ya yi gurɓi, zuba shi a bokiti, ka rufe, ka bar shi ya kwana ko ya yi aƙalla wasu awanni ba tare da an motsa shi ba. Laka za ta sauka ƙasa. Sai ka tsiyaye na saman a hankali cikin wani mazubi, ta cikin tsaftataccen ƙyallen auduga da aka ninka sau huɗu zuwa takwas, ka tsaya da zarar ka ga na ƙasan ya fara tasowa. Kada rowa ta sa ka juye har ƙarshe. Wannan ɗan ragowar na ƙasa shi ne dattin da ka ɓata dare kana jira ya rabu da ruwan. Wanda ke da alif zai iya sa ɗan kaɗan ya juya, laka ta dunƙule ta sauka cikin ƙanƙanin lokaci, amma a sani alif tace ruwa yake yi, ba a dogara da shi wajen kashe ƙwayoyin cuta. Bayan alif ma sai an bi ɗaya daga cikin hanyoyin uku.

Ga gwaji mai sauƙi na sanin ko ruwan ya tatu sosai. Cika gorar roba mai lita ɗaya da rabi, ka tsayar da ita a kan manyan haruffan kanun jarida, ka leƙa ta bakinta zuwa ƙasa. Idan kana iya karanta haruffan ta cikin ruwan, ya isa a shanya shi a rana. Kulorin ya fi haka tsauri: yana son ruwan da ya kusa zama garau a ido.

Tafasawa

Aikin gajere ne. Ɗora ruwan a wuta cikin tukunya mai murfi, ka jira ya tafasa sosai, ka bar shi minti 1 yana tafarfasa, ka sauke. Inda ake kuskure shi ne wajen gane tafasar. Ƙananan kumfan da ke manne wa gindin tukunya da gefenta tun da wuri iska ce ke fita daga ruwan, ba tafasa ba ce. Tafasar da ake nufi ita ce wadda manyan kumfa ke tasowa suna birkita saman ruwan, ko ka sa ludayi ka juya ba za ta tsaya ba. A wurare masu tudu sosai, sama da mita 2,000 daga matakin teku, ruwa yana tafasa da zafin da bai kai digiri 100 ba, don haka ake ba shi minti 3.

Masu barin ruwa minti ashirin a wuta makamashi kawai suke ƙonawa. Yawancin ƙwayoyin cutar gudawa sun fara mutuwa tun ruwan yana wajen digiri 70. An zaɓi tafasa ne saboda ita ce alamar da kowa zai gani da idonsa ba tare da ma'aunin zafi ba.

A wajen kisa babu na biyunta. Tana gamawa da bakteriya, da bairas, da ƙwan tsutsar ciki, har da wata ƙwayar cuta mai taurin ɓawo da ake kira kiriftosforidiyam, wadda za mu sake haɗuwa da ita. Matsalarta biyu ce. Ta farko makamashi: a buɗaɗɗen murhu ana ƙiyasta kusan kilo ɗaya na itace ga kowace lita, ga hayaƙi, ga haɗarin ƙuna ga yara masu rarrafe. Ta biyu ita ce wadda mutane ba su cika lura da ita ba. Da zarar ruwan ya huce, ba shi da mai gadi. Yatsan da ya taɓa shi, ko moɗar da aka ajiye a ƙasa aka sake tsomawa, ya isa ya mayar da shi gidan jiya, kuma babu abin da ya rage a cikinsa da zai kashe sabon baƙon. Saboda haka a bar shi ya huce a rufe cikin tukunyar da aka dafa shi, kada a sirka shi da ɗanyen ruwa ko ƙanƙarar da ba a san asalinta ba. Idan ɗanɗanonsa ya yi lami, iskar cikinsa ce ta fita. Zuba shi a tsaftatacciyar gora, ka bar ɗan wuri a sama, ka girgiza, zai dawo.

Ƙwayar kulorin

A nan zan daɗe, domin ita ce hanyar da ta fi sauƙi a hannu kuma ita aka fi yi ba daidai ba.

Ƙwayoyin da ake yi don ruwan sha, irin su Aquatabs, sinadarin cikinsu shi ne wanda za ka ga an rubuta NaDCC a jikin fakiti. Idan ya narke yana sakin kulorin, kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin da aka rubuta. Ƙwayoyin kuma girma-girma ne: akwai mai miligiram 8.5, da mai 33, da mai 67, da mai 167, har da manya na tanki. A ido ƙananan sun yi kama da juna, don haka maganar "ƙwaya ɗaya a jarka ɗaya" da wani ya gaya maka ba ta da amfani sai ka san wace ƙwaya yake nufi da wace jarka. Karanta fakitin da ke hannunka, ka bi adadin litar da aka rubuta, ka duba ranar ƙarewar aikinsa. Ƙwayar da ledarta ta huje ta sha danshi ta rasa ƙarfinta, a yar da ita.

Mu ɗauki mai miligiram 67. Tana sakin kusan miligiram 40 na kulorin. A jarka mai lita 20, kowace lita ta sami miligiram 2 ke nan, wanda shi ne abin da ake sa wa ruwa garau a gida. Idan ruwan bai tatu sosai ba, ko daga kogi ko tafki aka ɗebo shi, ana ninka wa, a sa biyu, kowace lita ta sami 4. Har yanzu wannan bai kai miligiram 5 a lita ba, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha. Shi ya sa za ka iya ganin ƙwaya mai wannan nauyin an rubuta mata lita 10 a fakitin da aka yi don lokacin annoba ko ambaliya: an ɗauka ruwan mai datti ne tun farko.

Yadda ake yi: cika jarkar roba mai tsabta, jefa ƙwayar, rufe, girgiza har ta narke, sannan ka duba agogo. Minti 30 cif. Wannan jiran shi ne maganin, kuma shi ne abin da mai ƙishi ke tsallakewa. Idan ruwan yana da sanyi ƙarara, a ba shi awa ɗaya, domin kulorin yana jinkiri a sanyi. Kada a yi wannan a mazubin ƙarfe, kulorin yana cin ƙarfe yana ƙarewa a banza.

Bayan minti talatin buɗe murfin ka sansana. Ya kamata ka ji ɗan warin kulorin, kaɗan. Mutane da yawa wannan warin ne ke kore su, alhali shi ne shaidar cewa kulorin ya gama da dattin da ya tarar har ya yi saura. Idan ba ka ji komai ba, ruwan ya cinye abin da ka sa, ba ka kuma da tabbacin ya isa; ƙara ƙwaya ɗaya, ka sake jiran minti 30. Idan har bayan wannan ƙarin babu wari, ruwan ya fi ƙarfin ƙwaya, koma ka tace shi ko ka tafasa. Hanci ba ma'auni ba ne na ƙwarai, wanda ya sami takardar gwajin kulorin ya fi shi tabbaci: abin da ake nema shi ne aƙalla miligiram 0.5 a lita bayan minti talatin, kuma kada ya gaza 0.2 a lokacin da ake sha.

Wannan saurar ita ce fifikon kulorin a kan sauran biyun. Tana zama a cikin jarka tana gadi, idan wata ƙwayar cuta ta shigo daga baya ta tarar da ita. Amma gadin na ɗan lokaci ne, kusan yini guda da kwana, kuma yana gajarta idan an bar jarkar a buɗe ko a rana. Idan warin ya yi maka yawa, sassauta murfin na ɗan lokaci ko ka zuba a kofi ka bar shi ya sha iska kafin ka sha, ba ka rage ƙwayar ba. Rabin ƙwaya yana kawar da warin, yana kuma kawar da kariyar tare da shi.

Iyakarsa a bayyane take. Kulorin yana gamawa da kwalara da taifod da yawancin bairas cikin sauƙi. Jiyadiya, wata mai kawo zawo da kumburin ciki, tana ɗan yi masa gardama amma tana mutuwa idan adadin ya cika kuma an jira. Kiriftosforidiyam kuwa, a adadin da mutum zai iya sha, kulorin ba ya yi mata komai. A 1993 ta ratsa matatar ruwan birnin Milwaukee na Amurka, ruwan da ake sa wa kulorin, ta kwantar da mutane wajen 400,000. Tana yawan fitowa daga kashin 'yan maruƙa da na mutane. Ga babba mai ƙoshin lafiya zawo ne na mako ɗaya ko biyu, amma ga jariri da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni tana iya zama ajali. Don haka idan dabbobi na shiga inda ake ɗebo ruwan, waɗannan mutanen a tafasa musu nasu.

Gargaɗi ɗaya: ƙwayar kulorin ta wurin ninƙaya da ruwan bilicin wanki mai ƙamshi ba na sha ba ne. Kuma a ɓoye fakitin daga yara, don ya yi kama da magani.

Shanya ruwa a rana

Wannan hanyar, wadda ake kira SODIS, mutane kan yi mata kallon wasa, amma tana da tushe. Aftim Acra na Jami'ar Amurka da ke Beirut ne ya fara nuna ta a shekarun 1980, daga baya cibiyar binciken ruwa ta Eawag a Suwizalan ta gwada ta ta tsara ƙa'idojinta. Abu biyu ne ke aiki tare: wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ke lalata ƙwayoyin cuta, da kuma zafin da ruwan ke ɗauka. Idan ruwan ya kai digiri 50, aikin yana sauri ninki-ninki.

Nemi gorar roba fara tas mai haske, irin ta ruwan sha ko lemo, wadda a gindinta za ka ga lamba 1 cikin alama mai kusurwa uku ko an rubuta PET. Kada ta wuce lita 2, saboda hasken yana raunana idan zurfin ruwan ya wuce wajen santimita 10. Mai launin kore ko ruwan ƙasa ba ta yi. Ɓare takardar jikinta, wanke ta da sabulu a karon farko. Zuba ruwa kashi uku cikin huɗu, rufe, girgiza na daƙiƙa 20 don iska ta shiga, sannan ka cika ka rufe. Kwantar da ita, kada ka tsayar, a kan kwanon rufi ko wani wuri da inuwa ba za ta zo ba daga safe har la'asar. Ba a bayan gilashin taga ba.

Idan rana ta fito sosai, ko gajimare bai rufe fiye da rabin sama ba, awa 6 sun isa. Idan ya rufe fiye da rabi, kwana 2 a jere. Ranar da ake ta ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, ko hazo ya toshe rana, a nemi wata hanya. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙirga awa shida daga lokacin da aka ajiye gora ba tare da duba inda inuwar bango ko bishiya ke kaiwa da azahar ba. Gorar da aka kwantar ƙarfe takwas, inuwa ta rufe ta ƙarfe sha ɗaya, awa uku ta samu, ko da ta wuni a wurin.

Kyan wannan hanyar shi ne ba ta cin ko sisi, ba ta canza ɗanɗano, kuma gorar da aka shanya ita ce ma'ajiyar, daga ita sai kofi ko baki. Rauninta shi ne babu alamar da za ta nuna maka aikin ya kammala, babu kumfa, babu wari. Tana da ƙarfi a kan bakteriya, amma wasu bairas da kiriftosforidiyam sun fi jure mata. Gora kuma tana tsufa: idan ta kakkarce ta yi dishi-dishi, haske ba ya shiga yadda ya kamata, a sauya ta.

Gida mai mutum shida, rijiya bayan ruwan sama

A ce gida ne mai mutum shida, ciki har da jariri ɗan wata takwas da ya fara shan ruwa. Idan an ba kowa wajen lita uku na sha, jarka ɗaya mai lita 20 ce a rana. An yi ruwa da dare, da safe guga ya fito da ruwa ja-ja.

Da tafasawa kaɗai, tukunya mai lita biyar sai ta hau wuta sau huɗu, kowace rana, sannan a jira ta huce. Gida kaɗan ne ke jure wannan har wata guda, kuma hanyar da aka bari bayan mako biyu ba ta kare kowa. Da rana kaɗai, gora 14 masu lita ɗaya da rabi ake bukata, kuma tun da na yau sai gobe za a sha, sai an tanadi 28, rabi a kan rufi rabi a ɗaki. Ga shi kuma sama ta yi duhu, wato kwana biyu ake magana.

Ga yadda zan tsara shi. Da safe a cika bokiti biyu a rufe. Da la'asar laka ta kwanta, a tsiyaye ta ƙyalle cikin jarka. A ɗiba a kofin gilashi a duba: ya washe amma da ɗan hazo-hazo, don haka ƙwaya biyu masu miligiram 67, a girgiza, a duba agogo. Bayan rabin awa a sansana. Akwai ɗan wari, shi ke nan, na manya ya samu har gobe war haka. Na jariri kuwa, a ɗebi lita ɗaya ko biyu daga ruwan da aka tace, a tafasa a ƙaramar tukunya, a bar shi a rufe a cikinta. Wannan ɗan ruwan bai kai a ji nauyin makamashinsa ba, kuma ya toshe ƙofar da kulorin ya bari a buɗe. Idan an tafasa ruwan da aka riga aka sa wa ƙwaya babu laifi, sai dai zafi yana korar kulorin ɗin, ruwan ya koma marar gadi. Gorunan kuma a ajiye su don ranar da sama ta washe, rijiya ta kwanta, ko ranar da ƙwaya ta ƙare.

Idan duk da haka zawo bai bar gidan ba, kafin ka zargi ƙwayar, tsaya ka kalli yadda ake ɗiban ruwan na yini ɗaya. Sau da yawa za ka ga an juye shi daga jarka zuwa wani mazubi mai faɗin baki don ya yi sanyi, yaro ya zo da kofi ya tsoma har wuyan hannu. Mazubi mai ƙaramin baki da murfi, ko mai famfo a ƙasa, wanda ake tsiyayowa ba a tsomawa, shi ya dace da ruwan da aka sha wahalar gyarawa. Jarkar ma a riƙa wanke cikinta da sabulu duk mako. Idan ka sa yatsa a bakinta ka ji santsi, wannan santsin yana cinye kulorin kafin ya fara aiki.

Akwai ruwan da duk ukun ba sa gyarawa. Babu wadda ke cire dalma, ko gubar asanik, ko sinadarin takin zamani, ko maganin feshi, ko gishiri. Tafasawa ma ƙara musu kauri take yi, tun da ruwan ne ke tashi su suna zaune. Ruwan da ke warin fetur, ko mai ɗaci, ko wanda ke kusa da wurin haƙar ma'adinai ko magudanar masana'anta, a kai shi gwaji ko a sauya inda ake ɗebowa, haka ma jarkar da ta taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari ba a sa mata ruwan sha komai wankin da aka yi mata.